Jagora Kan Soke Takardar Wakilci da Sanar da Banki a Rubuce

Takardar wakilci ita ce takardar da mutum yake sa wa hannu don ya ba wani ikon yin hulɗa da sunansa, kamar cirar kuɗi daga asusunsa, karɓar hayar gidajensa, sayar da kadararsa, ko sa hannu a kan yarjejeniya a madadinsa. Wanda ya ba da ikon za mu riƙa kiransa mai ba da iko, wanda aka ba kuwa shi ne wakili. Mai ba da iko yana da damar janye wannan iko duk lokacin da ya ga dama muddin yana cikin hankalinsa, kuma a mafi yawan lokuta ba dole ba ne ya faɗi dalili. Inda ake samun tangarɗa shi ne a yadda ake janyewar, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun gaya wa wakili ya daina, ko sun yayyage kwafin da ke hannunsu, to magana ta ƙare. A idon banki kuwa, da duk wanda aka taɓa nuna wa takardar, wakili yana nan a matsayinsa har sai labarin sokewa ya iso gare su ta hanyar da za a iya tabbatarwa.

Dalilin da ya sa faɗa wa wakili kaɗai ba ya wadatarwa

Lokacin da mai ba da iko ya miƙa wa wakili takarda mai ɗauke da sa hannunsa, abu biyu ya yi a lokaci guda. Ya ba wakili izini tsakaninsu, sannan ya shaida wa duk wanda zai ga takardar cewa maganar wannan mutum maganarsa ce. Izinin da ke tsakaninsu yana iya ƙarewa da kalma guda, amma shaidar da aka ba wa mutanen waje ba ta gogewa da kanta, saboda ma'aikacin banki ba shi da hanyar sanin abin da ya gudana tsakanin mutum biyu a cikin gida. Abin da ke gabansa shi ne kwafin takarda a fayil, da samfurin sa hannun wakili, da kuma rubutu a na'ura mai cewa wane yana da ikon sarrafa wannan asusu. Idan ya biya kuɗi bisa wannan, da zuciya ɗaya, ba tare da ya san an soke ba, doka a ƙasashe da dama tana tsaya masa.

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce kuma ta bazu a tsarin shari'a daban-daban. Kundin dokokin farar hula na Faransa, wanda aka kafa a 1804, ya tanadi a sashe na 2005 cewa sokewar da aka sanar wa wakili shi kaɗai ba za a iya kafa hujja da ita a kan wasu mutane da suka yi hulɗa da shi ba tare da sanin sokewar ba, sai dai mai ba da iko ya koma ya nemi haƙƙinsa a wurin wakilin. A Ingila, dokar ikon wakilci ta 1971 ta ce a sashe na 5 idan mutum ya yi hulɗa da wakili bai san an soke ikonsa ba, hulɗar tana nan da ƙarfinta kamar dai ikon bai ƙare ba. Kundin dokokin Jamus ma ya bi wannan hanya, har ya ƙara da cewa idan an ba wakili takarda yana nuna ta, ikonsa yana nan a wurin mai hulɗa da shi har sai an mayar da takardar ko an ayyana cewa ba ta da ƙarfi. Ƙananan bayanai sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ma'aunin ɗaya ne, wato me mutumin waje ya sani, kuma yaushe ya sani.

Daga nan ake gane amfanin rubutu. Kiran waya yana iya tsayar da asusu na ɗan lokaci, kuma yana da kyau a yi shi idan lamarin na gaggawa ne, amma idan rigima ta kai gaban alƙali tambayar da za a yi ita ce ranar da banki ya samu labari da kuma sa'ar da ya samu. Wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa tana amsa wannan tambaya ba tare da gardama ba. Maganar baki da aka yi da wani ma'aikaci, wanda ƙila an sauya masa reshe ko ya manta, ba ta amsa ta.

Kafin a rubuta komai

Mataki na farko shi ne a ɗauko ainihin takardar wakilcin a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, ko da mutum yana ganin ya san abin da ke ciki. Ana neman abubuwa kaɗan ne: ranar da aka sa hannu, cikakkun sunayen wakilai idan sun fi ɗaya, ko an ambaci wanda zai gaji wakili idan ya sauka, ko an ba wakili izinin naɗa wani a ƙarƙashinsa, da kuma ko takardar ta faɗi hanyar da za a bi wajen soke ta. Idan ta faɗi hanya, misali ta ce sai an ba da sanarwar wasu kwanaki a rubuce, to wannan hanya za a bi. Batun naɗa wani a ƙarƙashin wakili yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin yana yiwuwa akwai mutum na uku da ke sa hannu da sunan mai ba da iko a wani wuri alhali shi bai taɓa ganinsa ba.

Akwai iyaka biyu da ya kamata a sani tun daga nan. Ta farko ita ce wakilcin da aka bayar a matsayin jingina ko kariya ga wani haƙƙi na wakilin kansa, kamar wanda ya ci bashi ya ba mai bin sa ikon sayar da wata kadara idan bai biya ba. Irin wannan, idan an rubuta cewa ba a soke shi, galibi ba ya sokuwa sai da yardar wakilin ko bayan an biya bashin. Ta biyu ita ce hankali. Sokewa aiki ne na shari'a da ke buƙatar mai yinsa ya fahimci abin da yake yi, don haka idan mai ba da iko ya tsufa ƙwarai ko yana fama da ciwon mantuwa, wakilin da aka tsige yana iya cewa sokewar ba ta inganta ba. A irin wannan hali yana da kyau likita ya duba shi a ranar da zai sa hannu, ya rubuta abin da ya gani. Idan kuwa hankalin ya riga ya gushe, dangi ba su da ikon soke takardar da kansu komai kyawun niyyarsu, sai dai su kai magana kotu ko hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan wakilai.

Rubuta takardar sokewa

Takardar sokewa ba ta buƙatar tsawo, abin da take buƙata shi ne ta fito fili ta yadda babu wanda zai iya yi mata fassara biyu. Za ta ɗauki cikakken sunan mai ba da iko kamar yadda yake a takardar farko da kuma a asusun banki, da adireshinsa, da sunan wakili, da ranar takardar da ake sokewa, da lambar rajistarta idan an yi mata rajista, sannan jimla guda mai yanke magana. Ana iya cewa: "Ni, wane, ina cikin hankalina kuma ba tare da tilas ba, na soke takardar wakilcin da na ba wane a rana kaza, tare da dukkan ikon da ke cikinta da duk wani iko da ya miƙa wa wani a ƙarƙashinta, kuma wannan sokewa ta fara aiki daga ranar da na sa hannu." Ba a son a cika ta da ƙorafi ko zargi. Takarda ce da za ta shiga hannun baƙi da yawa, kuma zargin da ba a tabbatar ba yana iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna a kan mai ba da ikon.

Game da sa hannu, hanya mafi aminci ita ce a yi wa sokewa irin hidimar da aka yi wa takardar farko. Idan a gaban shaidu aka sa wa ta farko hannu, a kawo shaidu. Idan notari ne ya tabbatar da ita, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da sa hannu, a koma wurin notari. Shaidun su kasance manya waɗanda ba su da wata riba a cikin lamarin, kuma kada sabon wakilin da ake shirin naɗawa ya zama ɗaya daga cikinsu. A sa hannu a kan kwafi da yawa, ko a sa a tabbatar da kwafi da yawa, domin kowane banki da kowane ofis zai so ya riƙe nasa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya rubuta sabuwar takardar wakilci ga wani daban, ya ɗauka cewa sabuwar ta kashe tsohuwar. A wurare da yawa ba haka ba ne. Dokar samfuri ta ikon wakilci da aka tsara a Amurka a 2006, wadda jihohi da dama suka ɗauka, ta faɗi ƙarara cewa sabuwar takarda ba ta soke tsohuwa sai idan ta ambaci hakan. Sakamakon shi ne mutum ya wayi gari da wakilai biyu masu takardu biyu ingantattu, kowa yana ba banki umarni. Ko da sabuwar ta ƙunshi jimlar sokewa, gara a rubuta sokewar a takarda mai zaman kanta, saboda babu dalilin da zai sa tsohon wakili ya karanta sharuɗɗan da aka yi da sabo.

Wa za a fara sanarwa

Bisa ladabi mutum zai so ya fara faɗa wa wakili, musamman idan ɗan'uwa ne, kuma idan rabuwar ta lumana ce babu laifi a yi haka. Amma idan dalilin sokewa shi ne an fara shakkar amanarsa, to a ganina banki ne ya kamata ya fara sani, ko kuma a aika wa su biyun a rana ɗaya. Tazarar da ke tsakanin sanin wakili da sanin banki ita ce ƙofar da kuɗi ke fita ta cikinta.

Mu ɗauki misali. Wata mata da za ta yi doguwar jinya ta ba ɗan yayanta ikon kula da asusunta na ajiya da karɓar kuɗin hayar wani gida nata. Bayan ta warke ta duba bayanan asusun, ta ga an cire wasu kuɗaɗe da ba ta gane ba. Ranar 3 ga wata ta sa hannu a kan takardar sokewa a gaban shaidu, ranar 4 ta miƙa masa kwafi hannu da hannu, ya karɓa ya sa hannu. Ta bar zuwa banki sai ta samu sarari, ba ta je ba sai ranar 11. A ranar 6 kuwa shi ya riga ya shiga reshe da tsohuwar takardar, ya cire rabin abin da ke asusun, kuma ranar 8 ya karɓi hayar watanni daga ɗan haya ya ba shi rasiɗi.

A wannan hali wakilin ya yi laifi babu shakka, domin ya san an tsige shi tun ranar 4, kuma matar tana iya kai shi ƙara ta nemi kuɗinta, har ma lamarin yana iya zama na zamba. Amma banki zai nuna cewa a ranar 6 babu abin da ya sani, ya duba takardar da ke fayil, sa hannu ya yi daidai, ya biya. Ɗan haya ma zai fito da rasiɗinsa ya ce ya biya wanda aka saba ce masa ya biya, kuma da wuya a tilasta masa ya biya sau biyu. Abin da ya rage wa matar shi ne bin mutumin da ƙila ya riga ya kashe kuɗin. Da a ce wasiƙarta ta isa banki ranar 3, an buga mata hatimi, sannan wani ma'aikaci ya yi sakaci ya biya ranar 6, da nauyin ya koma kan banki, kuma da ita ce ke da hujjar neman a mayar mata da kuɗin cikin asusunta. Takardar sokewar iri ɗaya ce a duka halayen biyu, abin da ya sauya shi ne ranar da ke kan hatimin karɓa.

Abin da za a yi a banki

A tafi da takardar sokewa, da katin shaida, da wasiƙa ta musamman zuwa ga bankin. Wasiƙar ta lissafa lambar kowane asusu da wakili yake iya taɓawa, har da na ajiya na ƙayyadadden lokaci, da na hannun jari, da akwatin ajiyar kaya idan akwai, domin banki yakan aiwatar da umarni ne a kan lambar da aka rubuta masa kawai. Ta faɗi cewa daga lokacin karɓar wannan wasiƙa kada a ƙara bin wani umarni daga wane, ta nemi a cire sunansa daga jerin masu sa hannu, ta kuma nemi banki ya amsa a rubuce cewa ya yi hakan. A riƙe kwafi guda wanda ma'aikaci ya buga wa hatimi, ya rubuta kwanan wata da lokaci da sunansa. Wanda ba zai iya zuwa da kansa ba ya aika ta hanyar da ake sa hannu idan an karɓa, ya adana rasiɗin aikawa da shaidar isarwa tare.

Bankuna da yawa suna da fom ɗinsu na ba da izini a kan asusu, wanda aka cike a ranar da aka gabatar da wakili, kuma wannan fom yana iya ci gaba da aiki a na'urarsu a matsayin izini mai zaman kansa. Saboda haka a tambaya kai tsaye ko akwai irin wannan, a cike fom ɗin janye shi. Haka kuma a bambanta tsakanin wakili da abokin asusu. Idan a baya, don sauƙaƙa al'amura, an sanya sunan mutumin a matsayin wanda aka haɗa asusun da shi, to soke wakilci ba ya taɓa shi ko kaɗan, domin a nan yana cirar kuɗi ne da sunan kansa. Cire shi yakan buƙaci yardarsa, kuma sau da yawa mafita ita ce a buɗe sabon asusu a karkatar da albashi ko fansho zuwa can.

Sannan akwai ƙofofin da ba su bi ta kan takarda. Katin cirar kuɗi, lambar sirri, kalmar shiga manhajar banki, lambar wayar da ake tura wa saƙon tabbatarwa, da littafin cak, duk suna ci gaba da aiki ko an soke wakilci ko ba a soke ba, saboda na'ura ba ta tambayar wanda ke riƙe da kati. A sa a toshe tsofaffin katuna a fitar da sababbi, a sauya kalmomin sirri, a tabbatar cewa lambar waya da adireshin imel da ke kan asusun na mai asusun ne, a kuma dakatar da ganyayen cak da ba a san inda suke ba. A duba umarnin biyan kuɗi na kowane wata da wakili ya kafa, a ware waɗanda ake so su ci gaba, kamar na inshora ko na biyan bashi, a tsayar da sauran. Cak ɗin da wakili ya rubuta kafin sokewa don biyan wani haƙƙi na gaskiya yana nan a wuyan mai asusu, don haka kada a tsayar da shi ba tare da an bincika ba.

Bayan kwana biyu ko uku a koma a tambaya, ko a kira, a ji wa na'ura ke nunawa a matsayin mai iko a kan asusun. Idan har yanzu sunan wakili yana fitowa, ko kuma amsar da aka nema a rubuce ba ta zo ba, alama ce cewa wasiƙar ta tsaya a teburin wani ba ta kai sashen da ke sauya bayanai ba, kuma sai a sake rubutawa ana ambaton ranar wasiƙar farko.

Sauran waɗanda za a sanar

Banki ne aka fi ambata saboda a nan asara ta fi saurin aukuwa, amma ƙa'idar ta shafi duk wanda wakili ya taɓa nuna wa takardar: kamfanin inshora, hukumar fansho, ofishin haraji, dillalin hannun jari, lauya, 'yan haya, masu bin bashi da waɗanda ake bi, da asibiti idan ikon ya shafi jinya. Hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce a bi bayanan asusu na tsawon lokacin wakilcin a ga inda kuɗi suka shiga da inda suka fita.

Idan ikon ya shafi fili ko gida kuma an yi wa takardar rajista a ofishin rajistar filaye, dole a yi wa sokewar ma rajista a wannan ofishi, domin mai saye da lauyansa can za su je su bincika, kuma abin da suka gani a rajista shi za su dogara da shi. Haka yake inda ake da hukuma mai riƙe da rajistar wakilai. A Ingila da Wales, alal misali, wanda ya soke wakilci mai ɗorewa, wato wanda ke ci gaba da aiki ko da hankalin mai ba da iko ya gushe, yana aika takardar sokewa tare da ainihin takardar wakilcin zuwa ofishin da ya yi mata rajista don a cire ta. Sanarwa a jarida tana da amfani idan wakili ya yi hulɗa da mutanen da ba a san adadinsu ba, amma ba ta maye gurbin wasiƙa ga waɗanda aka sani, tunda babu tabbacin cewa sun karanta.

A wasiƙar da za a aika wa wakilin kansa, a nemi ya mayar da ainihin takardar da duk kwafin da aka tabbatar, da katuna, da makullai, da takardun kadara, a kuma ba shi wa'adi bayyananne ya kawo lissafin abin da ya karɓa da abin da ya kashe tare da rasiɗai. Wannan lissafi haƙƙin mai ba da iko ne, kuma sokewa ba ta sauke shi daga wuyan wakili. Idan ya ƙi karɓar wasiƙar, a sa wanda ya kai ta ya rubuta rana da wuri da abin da ya faru, ya sa hannu, a kuma tura kwafi ta wata hanyar da ke barin shaida. Idan ya ƙi mayar da ainihin takardar, sokewar tana nan da ƙarfinta, sai dai haɗarin ya ƙaru domin yana iya nuna ta a wurin da ba a taɓa sanarwa ba. A wannan hali ne lauya zai iya neman kotu ta umarce shi ya miƙa ta, ta kuma hana shi yin amfani da ita kafin a yanke hukunci.